Nawa ne kuɗin rana ɗaya a albashin wata? Rigimar 30 da 26 da watan Fabrairu

'Yar yayata ta samu aikin kashiya a wani shagon sayar da kayan masarufi a nan cikin garin Gombe, albashi dubu 78 a wata, Litinin zuwa Asabar, awa takwas kullum in ka cire lokacin sallah da cin abinci. Ta fara aiki ranar Litinin 17 ga Fabrairun 2025. Da wata ya ƙare alat ya shigo, sai ta ga ₦28,600. Da yamma sai ga ta a gidana da wayarta a hannu, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Kawu, don Allah duba min, ni dai a lissafina ya kamata ya haura dubu talatin da biyar, su kuma sun ce daidai ne, akanta har kalkuleta ya nuna min."

Toh abin da zai ba ka mamaki shi ne kalkuletan akantan bai yi ƙarya ba, nata ma bai yi ba. Kowa ya danna lambobinsa daidai. Inda aka rabu shi ne me aka raba albashin da shi, sannan waɗanne kwanaki aka ƙirga. Na daɗe ina yi wa ƙananan shaguna da makarantun kuɗi lissafin albashi, kuma wallahi kusan duk rigimar da na gani ta rabin wata ko ta yanke kuɗin fashin aiki daga nan take tasowa, shi ya sa na ce bari in baje maganar da lambobinta a fili.

Farko dai albashin wata ba shi da "kuɗin rana" guda ɗaya da yake ɓoye a cikinsa wanda za a tono. Yarjejeniyar da aka yi ita ce, ki zo aiki watan nan a ba ki dubu 78, ko watan mai kwana 28 ne ko mai 31. Fabrairu da Oktoba kuɗinsu ɗaya, amma kwanakinsu ba ɗaya ba, to dole kuɗin rana ya riƙa hawa da sauka in dai da ainihin kwanakin watan za ka raba. Dubu 78 a raba 31 ya ba ka kusan ₦2,516, a raba 30 ya ba ka ₦2,600 cif, a raba 28 kuma kusan ₦2,786. Mutum ɗaya, kujera ɗaya, aiki ɗaya, amma ranarsa ta Fabrairu ta fi ta Oktoba tsada da naira 270.

Wannan ma mai sauƙi ne, don kowa ya san watanni ba tsawonsu ɗaya ba. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ranakun aiki sun fi kwanakin kalanda rawa. Ɗauki kalandar 2025 ka cire Lahadi kawai, kamar yadda 'yar tawa take aiki. Fabrairu zai ba ka ranar aiki 24, Yuni da Nuwamba 25 saboda Lahadi biyar-biyar ne a cikinsu, Maris 26, Oktoba kuma 27. Masu aikin gwamnati da banki da suke hutun Asabar da Lahadi nasu daga 20 ne zuwa 23, kuma abin dariya Nuwamban 2025 mai kwana 30 ranar aiki 20 kacal gare shi, daidai da Fabrairu, domin ranar Asabar ya kama sai ya kwashi Asabar biyar da Lahadi biyar. Ka ga kenan sanin tsawon wata kaɗai bai isa ba, sai ka duba ranar da watan ya fara.

Saboda wannan rawar ne masu biyan albashi suka gaji suka tsayar da lamba ɗaya da za a riƙa rabawa da ita ko wane wata ne. Lambobin da za ka fi ji su ne 30 da 26 da 22, kuma kowacce akwai inda ta samo asali, ba da ka aka ɗauko su ba.

Talatin daga kalanda ta fito. Kwana 365 a raba wata 12 zai ba ka 30.42, sai aka yar da 'yan canjin aka ce 30. Ma'anar raba albashi da 30 ita ce kana cewa ana biyan mutum kowace rana ta Allah, har da Lahadin da yake kwance a gida. Ashirin da shida kuma ta masu kwana shida a sati ce: sati 52 a shekara sau 6 ya zama 312, a raba 12 ya ba da 26 ba saura. Ma'anarta ita ce albashin na ranakun da ake fitowa ne kawai, kuɗin Lahadi an riga an narkar da shi cikin sauran kwanakin shida, shi ya sa ranar ta fi tsada, dubu 78 a raba 26 ya zama ₦3,000. Masu kwana biyar nasu 260 ne a raba 12, wato 21.67, wasu su ce 22 don sauƙi.

Dukansu ba laifi ba ne. Ka ce rana ₦2,600 ce ka yi gaskiya, ka ce ₦3,000 ce ka yi gaskiya, sharaɗin ɗaya ne, irin kwanakin da ka raba da su, su za ka ƙirga lokacin da za ka ninka. In da mudun kalanda ka auna, da shi za ka sayar. In ka raba da 30 to Lahadi tana cikin ƙirga, in ka raba da 26 to babu ita. Ba a saye da babbar tiya a sayar da ƙarama sannan a ce ai duka tiya ce.

Yanzu mu koma kan ₦28,600 ɗin nan. Daga 17 zuwa 28 ga Fabrairu kwana 12 ne a kalanda. A cikinsu akwai Lahadi ɗaya, 23 ga wata, saboda haka ranakun da ta fito aiki 11 ne. Akanta ya ɗauki dubu 78 ya raba 30 ya samu ₦2,600, sai ya buɗe rajistar sa hannu ya ƙirga inda ta sa hannu ya ga 11, ya ninka, 28,600. Ka ga inda tiyar ta canza ko? Wajen rabawa ya sa Lahadi a ciki don kuɗin ranar ya yi ƙasa, wajen ƙirgawa kuma ya fitar da ita. Ban ce da gangan ya yi ba, yawanci haka mutum ya tarar ana yi shi ma ya ɗora, amma lissafin gurgu ne, kuma ga yadda za ka gane gurgu ne ba tare da ka yi musu da kowa ba: ka gwada shi a kan wanda ya yi watan gaba ɗaya bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Fabrairu ranar aiki 24, sau ₦2,600, ya zama ₦62,400. Wato da wannan hanyar mutumin da ya cika aikinsa tsaf zai tashi da dubu 62 da ɗari huɗu maimakon dubu 78. Ko a Oktoba mai ranar aiki 27 ma dubu 70 da ɗari biyu zai samu. Hanyar da ko wata ɗaya ba za ta iya kai cikakken ma'aikaci ga cikakken albashinsa ba, ai ba sai an kira malamin lissafi ba.

Wannan gwajin shi nake fara yi wa duk wani lissafi da aka kawo min. Cika watan ka gani ko zai dawo da albashin.

To nawa ya kamata a ba ta? Nan ne maganar take da daɗi, don amsar ba ɗaya ba ce ko da an yi komai da gaskiya.

In aka bi ainihin kwanakin kalandar watan, ta yi 12 cikin 28, dubu 78 sau 12 a raba 28, ya zama kusan ₦33,429. In aka bi ainihin ranakun aikin watan, ta yi 11 cikin 24, rana ta kama ₦3,250, ya zama ₦35,750, kuma wannan shi ne lissafin da ita ta yi a wayarta. Waɗannan biyun duk sun ci gwajin da na faɗa, 28 cikin 28 albashi ne cikakke, 24 cikin 24 ma haka. Bambancin dubu biyu da ɗari uku da yake tsakaninsu ya zo ne daga inda Lahadi ta faɗo, uku daga cikin Lahadi huɗun watan sun wuce kafin ta fara, ɗaya ce kawai ta faɗo a rabonta. Da ba Litinin ta fara ba, a ce Juma'a ko Asabar ce, da sai ka ga tazarar ta ragu ko ma ta ɓace.

Sai kuma masu tsayayyar lamba, kuma a nan ne Fabrairu yake tona asiri. Ɗauki 26, rana ₦3,000. Za ka iya cewa ta yi kwana 11, a ba ta dubu 33. Za ka kuma iya cewa a'a, albashinta dubu 78 ne, a cire kwanakin da ba ta zo ba, daga 1 zuwa 15 ga wata ranar aiki 13 ce, sau dubu uku dubu 39, saura dubu 39. Lamba ɗaya, mutum ɗaya, wata ɗaya, amma in ka taro daga ƙasa ka samu dubu 33, in ka zaftaro daga sama ka samu dubu 39. Ina dubu shidan ta shiga? Kwana biyu ne da lissafin ya ɗauka akwai su alhali watan bai da su, 26 aka ce, 24 ke nan a ƙasa. Waɗannan kwana biyun na iska, in an taro daga ƙasa ma'aikaci ne ya yi asararsu, in an zaftaro daga sama mai shago ne ya biya su. Da 30 ma haka abin yake, kwana 12 sau ₦2,600 ya ba ka ₦31,200, in kuma ka cire kwana 16 da suka wuce ka samu ₦36,400.

Ka duba fa, yarinya ɗaya da sati biyu na aiki, amsoshi daga dubu 28 da ɗari shida har zuwa dubu 39, tazarar dubu goma da ɗari huɗu. Ga mai ɗaukar miliyan wannan ba komai ba ne, amma ga wadda take hawa keke daga Pantami zuwa cikin kasuwa kullum safe da yamma, kuɗin motar kwanaki da yawa ne.

A wata mai tsawo kuma abin juyawa yake yi. Oktoban 2025 ranar aiki 27. A ce wani ya tafi bai zo ba ko sau ɗaya, aka ce za a yanke masa dubu uku-uku, 27 sau 3,000 dubu 81 kenan, ya fi albashin, wato shi ne ma shago zai biyo bashin dubu uku. A Fabrairu kuwa wanda bai leƙo ba sam za a yanke masa dubu 72 ya tashi da dubu shida a banza. Haka wanda ya fara aiki 2 ga Yuli a wajen masu raba 30, daga 2 zuwa 31 kwana 30 ne, ya cinye albashi cikakke duk da ya rasa rana ɗaya. Ba wai an yi kuskuren dannawa ba ne, haka tsayayyar lamba take, daidai take a kan shekara gaba ɗaya amma a kan wata ɗaya sai dace. 26 sau 12 ya ba ka 312, kuma 2025 ranakun da ba Lahadi ba 313 ne, kusan daidai. Wanda ya shekara ana yi masa lissafi da ita, abin da ya rasa a Fabrairu zai dawo masa a watanni masu ranar aiki 27 irin su Oktoba. Amma wanda ya shigo tsakiyar wata ko zai fita tsakiyar wata sau ɗaya lissafin zai hau kansa, babu wani watan da zai rama masa.

Shi ya sa ni a ra'ayina, kuma haka nake yi wa duk wanda ya ba ni littafinsa, aikin kashi biyu ne kuma kowanne da lambar da ta dace da shi. In maganar rabin wata ce, sabon shiga ko mai barin aiki ko wanda aka yi wa ƙarin albashi a tsakiyar wata, a yi amfani da ainihin ranakun aikin wannan watan, 11 cikin 24, don ita ce hanyar da ko ka taro daga ƙasa ko ka zaftaro daga sama amsa ɗaya za ta ba ka. Gwada ka gani, 13 sau ₦3,250 ya zama ₦42,250, cire daga dubu 78, saura ₦35,750, daidai da na farko. In kuma maganar farashin rana ko na awa ne da za a riƙa amfani da shi duk shekara, kamar obataim ko biyan wanda ya fito ranar hutunsa, to nan tsayayyar lamba ta fi, saboda babu mai son ya ji awarsa ta Fabrairu da ta Maris kuɗinsu daban, rigima ce kawai za ka jawo wa kanka kowane ƙarshen wata.

Wanda yake da kwamfuta ba sai ya zauna yana ƙirga kalanda da yatsa ba, a Excel wannan zai ba shi ranakun aiki daga 17 zuwa 28 ga Fabrairu, lambar 11 ta ƙarshe tana nufin Lahadi ce kaɗai ranar hutu:

```
=NETWORKDAYS.INTL(DATE(2025,2,17),DATE(2025,2,28),11)
```

A kula da ranakun hutun gwamnati, irin su 1 ga Oktoba da 12 ga Yuni da hutun Sallah. Mai albashin wata ba a rage masa komai don an yi hutu, to mafi sauƙi a bar su a cikin ƙirga ta ɓangare biyun, a ɗauke su kamar ranar da aka zo aiki. In ka cire su a wajen rabawa ka manta ba ka cire a wajen ninkawa ba, ko akasin haka, ka sake komawa gidan jiya na tiya biyu.

Bari mu zo kan awa, don nan ma akwai wani rami da mutane da yawa suke faɗawa, wato cewa wata sati huɗu ne. Ba sati huɗu ba ne. Sati huɗu kwana 28 ne, Fabrairu kaɗai ke cika wannan, shi ma ban da shekarar da yake yin 29 irin 2024 da 2028. Sati huɗu sau wata 12 sati 48 kenan, shekara kuma sati 52 ce, ina sauran huɗun? Matsakaicin wata sati 4.33 ne. Saboda haka hanyar da ba ta yaudara ita ce ka haura zuwa shekara sannan ka sauko. Dubu 78 sau 12 ya zama ₦936,000 a shekara. Awa 48 a sati sau 52 ya zama awa 2,496. Raba, ka samu ₦375 a awa. In kana son gajeriyar hanya, 2,496 a raba 12 awa 208 ne a wata, dubu 78 a raba 208, ₦375 ɗin dai. Kuma ka lura ya yi daidai da ₦3,000 a raba awa takwas, don duk daga tushe ɗaya suke. Masu awa 40 a sati nasu awa 2,080 ne a shekara, 173.33 a wata.

Yanzu in mai shago ya ce zai biya obataim amma ya raba da 30 sannan da 8, wato awa 240 a wata, awa ta faɗo ₦325. Babu watan da yarinyar nan take yin awa 240, an cusa mata awannin Lahadi ne a lissafi don farashin ya sauka. Naira hamsin a awa kamar ba komai, amma ka tuna goman ƙarshe na azumi da jajibirin Sallah yadda shagunan kayan masarufi suke kaiwa dare, in ta yi ƙarin awa 40 a watan dubu biyu ta tafi, in kuma an yi alkawarin biyan ɗaya da rabi ne to dubu uku. Ta ɗaya ɓangaren kuma in ma'aikaci ya yi lissafin sati huɗu, awa 192, zai ga awarsa ₦406, ya zo yana cika yana batsewa an cuce shi alhali shi ne ya ɗauki gajeren wata ya auna shekara da shi.

Wannan sati huɗun yana cin mutane ta wata hanyar ma. Wani zai ce maka, maimakon in ba ka dubu 18 duk Asabar, bari in haɗa maka a wata, 18 sau 4 dubu 72. Ka ji kamar daidai ne ka ce to. Amma dubu 18 sau sati 52 ₦936,000 ne, a raba 12 dubu 78. An rage maka dubu shida kowane wata, a shekara dubu 72, albashin sati huɗu cur. Haka in lebura mai ɗaukar kuɗinsa kullum yana so ya gwada kansa da mai albashi, da 26 zai ninka ba da 30 ba, kuma ko 26 ɗin ma in aiki bai yanke ba ne, ruwan Agusta bai hana zuba kankare ba, jiki bai ƙi ba, domin shi ranar da bai fita ba babu ko sisi.

Abin da ya fi ɓata min rai, kuma na gan shi ba sau ɗaya ba, shi ne wurin da yake da lamba biyu a aljihu. In za a yanke maka kuɗin fashi sai a raba da 26, kwana uku dubu tara. In za a biya ka ranar hutun da ka fito sai a raba da 30, kwana uku ₦7,800. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai yana da hujja, sai ka jera su ne za ka ga duk inda aka juya ɓangare ɗaya ne yake ci. In kana son ka san ko wurin aikinka haka suke, kada ka tambayi nawa ne kuɗin rana, ka nemo takardar watan da aka yanke maka da ta watan da aka ƙara maka, ka raba kowanne da yawan kwanakin, in lamba biyu ta fito to ka gane.

Masu raba 30 kuma akwai wata tambaya da dole su amsa tun kafin ta taso. Mutum bai zo Asabar ba, bai zo Litinin ba, kwana biyu za a yanke ko uku har da Lahadin da ke tsakiya? Tunda tsarin ya ce ana biyan Lahadi, wani manajan zai ce ita ma ta tafi. A tsarin 26 wannan tambayar ba ta ma tasowa, Lahadi ba ta da farashi balle a yanke ta, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son sa.

Mutane suna yawan tambayata to me doka ta ce, 30 ko 26? Dokar ƙwadago ta Najeriya abin da ta fi ba wa ƙarfi shi ne yarjejeniya. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda da ta faɗi albashinsa da yadda ake lissafa shi da lokacin biya. Sashe na 13 ya bar awannin aiki ga abin da aka amince a kai tsakanin ɓangarorin ko ta hanyar ƙungiyar ƙwadago, ya ce abin da ya haura haka obataim ne, amma bai yanka farashinsa ba, ya kuma ba da hutun kwana ɗaya a cikin kowane bakwai. Mafi ƙarancin albashi ma da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024, dubu 70, a wata aka faɗe shi, kuma in ka raba da 30 ₦2,333 ne, da 26 ₦2,692, da 22 kuma ₦3,182. Kenan wannan 'yar jimlar ta "yadda ake lissafa shi" ita ce wurin da ya kamata lambar ta zauna a rubuce. Matsalarmu a nan yawancin aikin shago da baki ake ɗaukar mutum, Alhaji ya ce ka fara gobe, ka ce na gode Allah ya ƙara girma, ba wanda ya yi zancen Fabrairu sai ranar da ya zo.

Wani ɗan abu kuma, a tabbatar wane kuɗi ake rabawa. Albashin da aka yi magana a kai kafin a cire haraji da fansho daban, abin da ya faɗo a alat daban, kuma wasu wuraren gundarin albashin kawai suke rabawa su bar alawus a gefe in za su biya obataim. A nan ma dai ka duba ko abin da aka raba wajen ƙari shi aka raba wajen yanka.

Na taɓa riƙe wa wata Islamiyya littafi da suke biyan malamai da watan Musulunci, su nasu ma ya fi sauƙi ta wani gefen don wata 29 ne ko 30, ba 28 ba 31, sai dai ba ka sanin tsawonsa tabbas sai an ga wata. Kuma shekarar kwana 354 ce ko 355, saboda haka dubu 78 a watan Hijira ta ɗan fi dubu 78 a watan Bature, a rana kusan ₦2,644 ne a kan ₦2,564, albashi goma sha biyun yana cika da wuri da kamar kwana goma sha ɗaya.

Ita dai 'yar tawa na rubuta mata lissafin a takarda, layi uku kawai, na ce kada ki je da faɗa, ki ce wa akanta don Allah ya gwada hanyarsa a kan wanda ya yi Fabrairu cikakke ya ga nawa zai fito. Ta ce da ya danna ya ga 62,400 sai ya yi shiru ya ce bari ya yi wa Alhaji magana. Ba su yarda da 11 cikin 24 ba, suka ce su tsarinsu na kalanda ne, aka tsaya a kan 12 cikin 28, aka cika mata ₦4,829 a kan albashin Maris. Ta dawo tana cewa, "Kawu, amma fa har yanzu da sauran dubu biyu da wani abu." Na ce mata wannan kam ba za ki iya cewa an ci miki ba, hanya ce daga cikin hanyoyin da suka tsaya da ƙafarsu, abin da za ki riƙe shi ne tunda sun zaɓi kalanda, duk ranar da kika yi fashi a wata mai 31 to ₦2,516 za su yanke, kada ki ji an ce dubu uku.